Kafin Shugaban Sashe Ya Sa Hannu: Takardar Neman Allunan Gwaji

A cikin injin wanki, da mitar wuta, da injin canza wutar sola, akwai wata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa da ake kira maikurokwanturola. Ita ke karɓar bayani ta yanke hukunci: kunna wannan, kashe wancan. Ɗalibin injiniya ba ya iya sarrafa ta tsirara, sai an ɗora ta a kan allon gwaji mai ramin kebul da layin ramuka na soka waya. Irin waɗannan alluna ne malami ke rubuta wa shugaban sashe takarda a saya, kuma sau da yawa takardar kan mutu a aljihun tebur domin ta fara da sunan kaya da kuɗi, ba ta faɗi aikin da za a yi da su ba.

Takarda mai kyau daga lissafin ɗalibai take farawa. A ɗauka aji na da mutum 60. In an raba su uku-uku, rukuni 20 ke nan, amma in za su shiga ɗakin gwaji kashi biyu, safe da yamma, tebur 10 ya wadatar. Sai a nemi allo 13: goma na aiki, uku na ajiya. Fiye da mutum uku a kan allo ɗaya, sauran 'yan kallo ne kawai. Shugaban sashe da ya ga wannan lissafi ya san ba da ka aka faɗi adadin ba.

Sai zaɓen allo. Ga masu fara koyo, ni Arduino Uno R3 zan rubuta. Ƙwaƙwalwarsa ATmega328P ba ta da ƙarfi sosai, wurin ajiye shirinta kilobayit 32 ne kacal, kuma ESP32 ya fi shi nesa ba kusa ba, ga Wi-Fi ga Bluetooth. Amma akwai dalilai biyu da ya kamata su fito a takardar. Na farko, Uno da bolt 5 yake aiki, ESP32 da Raspberry Pi Pico kuwa da 3.3. Ɗalibin da ya ɗauko na'urar auna nisa mai fitar da bolt 5 ya soka ta kai tsaye a ƙafar ESP32 yana iya lalata ta. Na biyu, a ainihin samfurin Uno R3 ƙwaƙwalwar a cikin soket take zaune. In ta ƙone sai a zare ta a sa wata, allon na nan. Sai dai a rubuta ƙarara cewa mai soket ake so, domin akwai wanda aka liƙe tasa da dalma, kuma ƙwaƙwalan ajiya su zo da ɗan shirin farko da ke ba su damar karɓar aiki ta kebul.

Ƙonewar kuwa za ta faru. Ƙafa ɗaya ta Uno miliamfiya 20 aka ƙayyade mata, 40 ita ce iyakar da ba a ƙetarewa. Ƙaramin ƙwan LED ja yana cin kusan bolt 2, saura 3; in an sa masa rezista mai om 220, wutar da za ta bi kusan miliamfiya 14 ce, lafiya lau. In an manta rezistar, ko aka jona ƙaramar mota kai tsaye, ƙafar na iya tafiya. Shi ya sa kuɗin rezistoci, da tiranzista, da farantin soka waya, da wayoyi, da mitar gwaji ga kowane tebur dole su shiga kasafi tun farko, har da kebul irin na firinta, wanda ba kowane mai sayarwa ke haɗawa da shi ba.

Maganar na asali da na kwaikwayo ma a faɗe ta gaskiya. Tsarin allon a buɗe yake, kowa na iya ƙera irinsa, kuma masu araha da yawa suna aiki. Galibinsu dai da guntun CH340 suke magana da kwamfuta, wanda wasu kwamfutoci ba sa gane shi sai an sa musu manhajarsa. A tanadi wannan kafin ranar aji. Tun da daga waje ake shigo da kayan, a haɗa farashin dillalai uku, kowanne da ranar da zai daina aiki, saboda canjin dala ba ya jiran sa hannu.

Sharaɗin ƙarshe shi ne gwaji kafin biya. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya jona kowane allo, ya loda masa shirin `Blink`, ya ga ƙwan da ke ƙafa ta 13 yana ƙiftawa. Wanda ya nuna `programmer is not responding`, a canza kebul, a duba ko an zaɓi tashar da ta dace, a sake gwadawa. In ya ƙi, a mayar wa dillali. Waɗanda suka tsallake a rubuta musu lamba daga 1 zuwa 13, kowane rukuni ya sa hannu a littafi lokacin karɓa da lokacin mayarwa.