Gabatar da Baƙo a Taro Mai Harshe Biyu: Me Za a Fassara, Me Za a Faɗa Sau Ɗaya?

A yawancin tarukan da ake yi a Kano, Kaduna ko Katsina, mutane iri uku ne ke zaune a rumfa ɗaya. Akwai waɗanda Hausa kaɗai suke ji, akwai baƙin da sai Turanci, sannan akwai masu jin duka biyun, kamar malaman makaranta, ma'aikata da ɗalibai. A Maraɗi da Damagaram ma haka abin yake, sai dai Faransanci ne a madadin Turanci. Mai gabatar da taro yakan tuna da kashi biyu na farko, ya manta da na uku. Su kuwa na ukun nan su ne za su ji kowace jimla sau biyu idan aka ce sai an fassara komai, kuma daga wajensu surutu yake fara tashi.

Mun saba da fassarar da ba ta barin komai. A wajen tafsiri, alaramma yana jan baki, malam yana fassarawa aya bayan aya, domin a can ba a isa a tsallake ko kalma ɗaya ba. Gabatar da baƙo ba irin wannan aiki ba ne. Abu uku kawai ake nema daga gare ta: jama'a su san wane ne zai yi magana, su san kan me zai yi ta, su kuma ga dalilin da zai sa su ba shi kunnensu. Duk jimlar da ke cikin gabatarwa sai a auna ta da tambaya ɗaya: idan wanda ba ya jin harshen da na faɗe ta ya rasa ta, shin zai kasa bin jawabin da ke tafe, ko zai ji an raina shi? In amsar e ce, a fassara. In a'a ce, sau ɗaya ya isa.

Mu ɗauki misali. A ce kaka ta yi, an tara manoman wake a wani gari na jihar Kano, an gayyato wata mai bincike daga cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, za ta yi bayani kan ajiye wake a buhun PICS. Buhu ne mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda idan aka ɗaure kowane ninki da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin da ke huda wake su mutu ba tare da an zuba magani ba. Ba ta jin Hausa, don haka da tafinta za ta yi magana. Hakimi yana wajen, shugaban ƙaramar hukuma yana nan, malaman gona sun zo, ga kuma abokan tafiyarta uku ko huɗu. Ofishinta ya aiko da tarihinta shafi guda da rabi cikin Turanci: makarantun da ta yi, digirinta uku, ƙungiyoyin da take ciki, takardun da ta wallafa.

Wanda ya karanta wannan takarda a natse zai cinye minti uku zuwa huɗu. Ya fassara ta, lokacin ya ninka. A ɗora gaishe-gaishen manya cikin harshe biyu, sai a tarar an doshi minti goma baƙuwa ba ta buɗe baki ba, manoma kuwa suna cikin rana. Abin da ya kamata shi ne duka gabatarwar, da harsunan biyu, kada ta wuce minti biyu da rabi.

A fara da gaisuwa, domin a nan aka fi ɓata lokaci. Gaisuwa ta wanda ake gaisarwa ce, saboda haka sau ɗaya ake yin ta, da harshen mai ita. Sallama, da "Allah ya ja zamanin Hakimi", da "ranka ya daɗe" ga shugaban ƙaramar hukuma, da "iyayenmu manoma, sannunku da zuwa", duk da Hausa za a yi su a wuce. Baƙuwar ba ta yi asarar komai ba: ta ga an juya wajen Hakimi, ta ga an rusuna, ta gane abin da ake yi. Mayar da kirarin sarauta zuwa Turanci ma rage masa kwarjini yake yi. Ita da abokan tafiyarta sai a yi musu maraba da jimla ɗaya ta Turanci, wadda su ma manoma ba sa bukatar a fassara musu, don sun ga an dubi baƙi, sun ga baƙin sun yi murmushi.

Batun jawabi da dalilinsa kuwa dole kowa ya ji su da harshensa, kuma nan ne ya kamata mai gabatarwa ya kashe mafi yawan lokacinsa. Da Hausa zai iya cewa: "Kowa a nan ya san yadda ake sayar da wake da arha da kaka, don tsoron kada ƙwari su cinye shi kafin bazara. Baƙuwarmu ta yau za ta nuna mana hanyar ajiye shi wata da watanni ba tare da magani ba, har mutum ya sayar lokacin da ya ga dama." Daga nan ya faɗi wannan ma'ana da Turanci, a jimla ɗaya ko biyu. Wani zai ce ai baƙuwar ta san abin da ta zo faɗa, me ya sa za a maimaita mata? Dalilin shi ne dole ta ji alkawarin da aka yi wa jama'a da sunanta. Idan mai gabatarwa ya ce za ta yi maganar farashi, ita kuwa ba ta shirya hakan ba, gara ta sani tun kafin ta tashi, ba sai tambayoyi sun fara zubo mata ba.

Tarihin karatu da aiki shi ne ɓangaren da ya fi bukatar tunani, domin ba fassara yake so ba, zaɓe yake so. Jerin jami'o'i da sunayen mujallu ba su da amfani ga manomi, amma suna da daraja a wajen ita baƙuwar da abokan aikinta. To, a ɗauki biyu mafi girma a faɗe su da Turanci sau ɗaya. Da Hausa sai a faɗi abin da manomi ke auna gwani da shi: shekara nawa ta yi tana aikin wake, ta taɓa shiga gona da rumbu ko a ofis kawai take, a waɗanne garuruwa aka gwada abin da ta kawo. Waɗannan bayanai ba kasafai suke cikin takardar ofis ba, sai mai gabatarwa ya same ta kafin taro ya tambaye ta. Ya kuma lura da laƙabi. In ya ce "Dakta" ya yi shiru, wasu za su ɗauka likitar asibiti ce, har wani ya bi ta da maganar ciwon ƙafa. Ƙarin kalmomi kaɗan sun wadatar: "dakta ce ta ilimin noma, ba ta asibiti ba."

Akwai iyaka a nan da ba na so a tsallake. Bayani daban ga kowane ɓangare ba laifi ba ne, amma magana biyu masu karo da juna cin amana ne. Ba a ce wa manoma ta zo da tallafi, a ce wa baƙi ta zo horarwa kawai. Malaman gona suna jin duka biyun, kuma kafin a tashi labari ya zaga rumfa. Raha ma haka take. Idan aka yi barkwanci da Hausa rumfa ta fashe da dariya, baƙuwa za ta zauna tana tunanin ko ita ake wa dariya. Wanda ba zai iya mayar da raharsa cikin jimla ɗaya ta ɗaya harshen ba, ya haƙura da ita.

Sai bayanin yadda zaman zai gudana: za ta yi magana da Turanci, tafinta zai riƙa fassarawa, za a nuna ɗaurin buhu a gaban kowa, tambayoyi sai a ƙarshe kuma da Hausa za a iya yin su. Wannan a faɗe shi da harshe biyu, kalma da kalma, har da lambobi. Duk abin da mutum zai yi aiki da shi, ko lokaci ne, ko kuɗi, ko wurin da za a samu buhun, ba a barin shi a harshe ɗaya. Manomin da bai ji cewa akwai tafinta ba zai iya saɓa fartanyarsa ya tafi da zarar ya ji Turanci ya fara.

Sunan baƙuwar shi ne abin da ake faɗa sau ɗaya tak, a ƙarshen ƙarshe. Suna ba ya bukatar fassara, kuma shi ne alamar da kowa ke ganewa: ita ta san lokacin tashi ya yi, jama'a sun san lokacin tafi ya yi. Wanda ya ambaci sunan a ƙarshen ɓangaren Turanci, sannan ya koma Hausa, zai ga baƙuwa ta miƙe tsaye ta rasa abin yi, an tafa rabi da rabi, sai an sake tafawa. In sunan Yarbanci ne ko na Ibo, a roƙe ta ta furta shi tun kafin taro, a rubuta yadda aka ji shi.

Game da jeri, a soma da harshen masu gida, kuma kada a daɗe a harshe ɗaya fiye da rabin minti, wato jimla uku ko huɗu. Ya fi a sauya harshe a ƙarshen magana cikakkiya, ba a tsakiyar jimla ba. Cakuɗa Hausa da Turanci a jimla ɗaya, irin yadda muke yi a hira, masu jin duka biyun kaɗai yake yi wa aiki, sauran kashi biyun an bar su a baya. A Kanada, inda Turanci da Faransanci suke harsunan hukuma tun dokar 1969, shugabanni kan faɗi wani sashe na jawabi da wannan harshe, wani da wancan, ba tare da maimaitawa ba. Amma a manyan tarukansu akwai tafintoci da ke fassarawa nan take ta na'urar kunne. A ƙarƙashin rumfar ƙauye babu wannan na'ura, shi ya sa ba za mu kwaikwaye su kai tsaye ba.

Ana gane an yi kuskure tun ana tsaye. Idan masu jin harshe biyu suka fara duba waya, maimaici ya yi yawa. Idan manoma suka fara tambayar na kusa da su "me ya ce?", an bar wani abu mai muhimmanci a Turanci. Idan baƙuwa ta karkata wajen tafinta tana neman bayani, an daɗe a Hausa. Akwai kuma wuraren da wannan dabara ba ta dace ba sam, kamar zaman sulhu tsakanin al'ummomi biyu, inda kowane ɓangare ke zargin ana ɓoye masa wani abu. A can a fassara komai, ko da zai ɗauki lokaci.

Duk wanda aka ba wannan aiki, ya samu takarda tun daren jajibiri, ya rubuta jimlolinsa, ya sa alama a gaban kowace ɗaya: Hausa, Turanci, ko duka biyu. Sannan ya karanta da ƙarfi yana duba agogo. In ya wuce minti biyu da rabi, ya fara yanka daga jerin makarantu, kada ya taɓa batun jawabi.