Godiya Ga Malamin Da Ya Tsaya Maka

Mai neman tallafin karatu na Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ke bayarwa don digiri na biyu, sai ya kawo takardun shaida biyu daga waɗanda suka san karatunsa ko aikinsa. Malamin da ya yarda ya rubuta ɗaya zai tono sakamakon ɗalibin, ya tuno binciken da ya yi a ƙarƙashinsa, sannan ya sa hannu cewa wannan abin dogaro ne. Mutuncinsa ya jingina. Amma da zarar takarda ta shiga hannu, ɗalibai da yawa sai su yi ɓatan dabo.

Godiyar nan sau biyu ake yin ta. Ta farko cikin kwana biyu ko uku da karɓar takardar, tun ba a san yadda za ta kaya ba, domin wahalar da ya sha ake gode wa. A tura ta imel, ko a rubuta da hannu. "Tnx sir" a WhatsApp kuwa, gara shiru da shi. Ga yadda wata ɗaliba za ta iya rubutawa:

"Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, takardar da kuka rubuta mini ta isa ga masu tallafin jiya Talata. Na san kuna tsakiyar duba jarrabawa, amma kuka ware mini lokaci, har kuka ambaci binciken da na yi kan ruwan rijiyoyin unguwarmu. Sun ce sakamako sai wajen watan Yuni, kuma duk yadda ta kasance zan sanar da ku. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Ɗalibarku."

Ta shaida masa takarda ta isa, don haka ya huta da tunanin ko ta maƙale. Ta kuma ambaci abu guda takamaimai, wanda ya nuna ba kwafin godiya ɗaya ta raba wa kowa ba. Idan malam ne ya tura takardar kai tsaye, ba ta ga abin da ke ciki ba, sai ta gode kan lokacinsa kawai, kada ta nemi ya nuna mata. Kada kuma a cusa wata sabuwar buƙata a ƙarshe, kada a haɗa da kyauta mai tsada. Turare ko shadda a wannan gaɓar kama da biyan lada suke yi.

Godiya ta biyu ita ce aka fi tsallakewa, musamman in ba a dace ba, saboda kunya. Alhali irin wannan tallafi masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba, kuma Chevening na barin mutum ya sake nema baɗi. Wurin wa za a koma neman sabuwar takarda? Layi uku sun isa: ba a samu ba a bana, an kai matakin ganawa ko ba a kai ba, ana da niyyar sake gwadawa. Ka tura su a makon da sakamako ya fito, kafin malam ya ji a bakin wani.