Takun Farko Mai Nauyi: Yadda Ake Lallaɓa Babbar Manhaja Ta Koyi Harshe

Lokacin da kamfanin OpenAI ya horar da GPT-3 a 2020, injiniyoyinsa suna da lambobi biliyan 175 da za su daidaita. Ana ba manhajar rubutu, ta yi hasashen kalmar da ke tafe, a auna kuskurenta, sannan a ɗan murɗa kowace lamba don kuskuren ya ragu. Girman wannan murɗi shi ake kira ma'aunin koyo. In ya yi yawa aiki ya watse, in ya yi kaɗan a ƙona kuɗin lantarki a banza.

Farkon tafiya ya fi haɗari. A lokacin, lambobin duk na kan mai uwa da wabi ne, don haka gyaran da lissafi ke nunawa yana da girma kuma ba shi da tabbas. Ga shi Adam, dabarar da aka fi amfani da ita wajen gyaran, tana dogara ne da tarihin gyare-gyaren baya, alhali babu tarihin tukuna. Direban tirela da ya sha kaya ba ya tashi da giya ta biyar. Shi ya sa ake ɗumama aikin: a fara da ma'auni kusa da sifili, a riƙa ɗagawa a hankali. A GPT-3 an yi haka cikin gutsattsarin kalmomi miliyan 375 na farko, daga cikin biliyan 300, har ma'aunin ya kai ƙololuwarsa ta 0.00006. Kusan kashi ɗaya cikin 800 na tafiyar ke nan, amma tsallake shi na iya jawo asarar duka.

Alamar matsala ba ta ɓuya. Layin kuskure da ke sauka sai ya cilla sama kwatsam, wani lokaci ya dawo, wani lokaci allo ya nuna `NaN`, wato lissafi ya lalace.

Daga ƙololuwa sai gangara, bisa lanƙwasar kosain da Ilya Loshchilov da Frank Hutter suka gabatar a 2016. Ma'aunin yana sauka sannu-sannu da farko, ya yi sauri a tsakiya, ya lafa a ƙarshe. Na GPT-3 ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 na ƙololuwar cikin gutsattsari biliyan 260, ya zauna a nan har aka gama. Ƙananan gyare-gyaren ƙarshe su ke hana manhajar tsallake wurin da ya dace tana kai da kawowa.

Sai dai kosain na da sharaɗi mai tsauri: dole a san tsawon horon tun kafin a fara. Masu binciken DeepMind sun nuna a 2022 cewa in aka tsara gangarar ta zarce ainihin tsawon horon da yawa, za a tsaya ma'auni bai gama sauka ba, sakamakon kuma ya ragu.

Kuma dabarun biyu ba sa kawar da haɗari gaba ɗaya. Sa'ad da Meta ke horar da OPT-175B, sau da dama kuskure ya yi tashin gwauron zabi a tsakiyar aiki, sai injiniyoyi suka riƙa komawa ajiyar baya, su rage ma'aunin da hannu, su ci gaba.