Darasin Wanke Hannu: A Fara Tsara Shi Daga Bakin Kwanon Tuwo

Kowace shekara, ranar 15 ga Oktoba, ana bikin ranar wanke hannu ta duniya, wadda aka fara a 2008. A Nijar ranar kan faɗo ne jim kaɗan bayan komawa makaranta, shi ya sa a garuruwa irin su Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela ba wuya ka ga an jera ɗalibai a fili, an kawo bokiti mai famfo, an yi waƙa, an ɗauki hoto. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: da magariba, sa'ad da aka ajiye kwanon tuwo a tsakar gida, me ya canza?

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce a yankin. Annobar kwalara ta 2021 ta kama mutum fiye da 5,000 a Nijar, kuma jihar Tawa na cikin inda ta taɓa. Ƙonni gari ne na kan iyaka da jihar Sakkwato, mutane da abinci na kai da kawo dare da rana. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da yawa ya nuna cewa wanke hannu da sabulu na rage zawo da kusan kashi 30 cikin ɗari. Amma wannan riba ba a cikin aji take ba. Tana can inda ake cin abinci da inda ake wanke wa jariri kashi. Don haka malamin da ke son darasinsa ya yi aiki, daga gida ya kamata ya fara tunani, sannan ya dawo aji.

Abu ɗaya za a canza

A gidaje da yawa ana wanke hannu kafin cin abinci, ba a nan matsalar take ba. Matsalar ita ce tasa ɗaya da ake zagayawa da ita: babba ya tsoma, na biye da shi ya tsoma, har a zo kan ƙaramin yaro, wanda shi ne ya fi saurin kamuwa da zawo, shi ne kuma ke samun ruwan da ya fi ƙazanta. Wannan ita ce al'adar da darasin zai nufa. Manufar da malami zai rubuta a takardar shirinsa kada ta zama "ɗalibai su san muhimmancin tsafta", domin ba wanda zai iya auna wannan. Ya rubuta: "Yau da dare kowane ɗalibi zai zuba wa mutum ɗaya na gidansu ruwa da buta, ya miƙa masa sabulu, kafin a ci abinci."

Lokutan wanke hannu da ma'aikatan lafiya ke lissafawa sun kai biyar, amma a darasin farko biyu sun isa: bayan fitowa daga bayan gida, da kafin cin abinci. 'Yan manyan azuzuwa masu goyon ƙanne a ƙara musu na uku, wato bayan wanke wa jariri. Sauran su jira wani mako.

Yadda minti arba'in zai tafi

Mu ɗauki misalin aji na huɗu mai ɗalibai 60 a wani ƙauye kusa da Galmi, ajin zana, ba famfo a makarantar. Kayan da malami zai tanada duk akwai su a gari: buta shida, jarka ɗaya ta lita 25, tasa, sabulu guda da aka yanka gida shida, cokali biyu na man gyaɗa, ɗan garin gawayi, ƙosai guda, da farin ƙyalle.

Minti goma na farko na nuni ne, ba na bayani ba. A gauraya man da gawayin, a shafa a tafin yaro ɗaya, ya gaisa da na kusa da shi, wannan ya gaisa da na gaba, har mutum biyar. Na biyar ya ɗauki ƙosai ya ɗaga sama. Malami ya tambaya: "Wa zai ci?" Ihun ƙyamar da ajin zai yi shi ne ginshiƙin darasin. Sai a lokacin malami zai ce abin da ke manne a hannu bayan an fito daga salga haka yake yawo, bambancin kawai ba a ganinsa. Ƙyama ta fi tsoron ciwo tasiri ga yaro, domin ciwo na gobe ne, ƙyama kuwa ta yanzu ce. Wani gwaji da aka yi a ƙauyukan kudancin Indiya, aka wallafa a 2014, ya dogara ne kan ƙyama da ƙaunar uwa ga ɗanta maimakon lacca kan ƙwayoyin cuta. Masu wanke hannu da sabulu suka tashi daga kusan kashi ɗaya zuwa 37 cikin wata shida.

Minti goma na biye na gwadawa ne. Yara uku cikin masu baƙin hannu su tsoma a tasa ɗaya bi da bi, a zagaya da tasar kowa ya ga ruwan. Na huɗu a zuba masa ruwa zalla da buta. Na biyar a zuba masa ruwa, ya cuɗa da sabulu, a ɗauraye. Kowa ya dangwala hannu a farin ƙyallen. Malami ya kame bakinsa, ya bar yara su faɗi abin da suka gani. Amfanin man gyaɗar ke nan: ruwa kaɗai ba ya cire maiƙo, kuma a cikin maiƙon fata datti ke maƙalewa.

Minti goma sha biyar na aiki da hannu ne, kuma a nan lissafi ke ceton malami. Wanki ɗaya, daga jiƙawa zuwa ɗauraya, yana cin kimanin daƙiƙa 40, rabinsu na cuɗawa ne. Da buta ɗaya, yara 60 za su cinye minti arba'in cif, na ƙarshen layi sun watse tun tuni. Da buta shida, kowane rukuni na yara goma zai gama cikin minti bakwai, har a samu damar maimaita wa waɗanda suka yi kuskure. In kowane yaro ya ci rubu'in lita, lita 15 ke nan, jarkar ta isa har da saura. Mai zuba ruwa shi ne mai duba ɗan'uwansa, sannan su yi musanya. Wuraren da za a duba su ne waɗanda aka fi mantawa: bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa da ƙarƙashin farce. A ƙidaya ashirin da ƙarfi lokacin cuɗawa. In an gama a yarfe hannu iska ta busar, kada a goge a riga.

Saƙon da zai iya shiga gida

Minti biyar na ƙarshe su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali su ne gadar da ke tsakanin aji da gida. Tunanin cewa yaro na iya kai ilimin lafiya ga ƙannensa da iyayensa ya daɗe. Likitan yara David Morley, wanda ya yi aiki a ƙauyen Imesi-Ile a Nijeriya, shi da Hugh Hawes suka kafa tsarin koyarwar yaro ga yaro a Landan a 1978. Sai dai a ƙasar Hausa akwai iyakar da dole a kiyaye: ɗan shekara tara ba ya gyara wa mahaifinsa. Yaron da aka tura ya ce "Baba, hannunka da datti" zai sha faɗa, darasin ya mutu a daren. Amma yaron da ya durƙusa da buta ya ce "Baba, ga ruwa, in zuba maka," ladabi ya yi, sai dai a sa masa albarka. Don haka kada a ba yaro saƙon da zai faɗa. A ba shi hidimar da zai yi. A gwada ta a aji: ɗaya ya zama Baba, ɗaya Inna, ɗaya ɗan aike. A koya masa amsar da zai bayar in an ce ba sabulun ɓatawa: ɗan guntun da ya rage daga wanki ya isa.

Buta kanta ba baƙuwa ba ce, da ita ake alwala, kuma alwala da wanke hannu take farawa. Wannan na sauƙaƙa wa malami magana da iyaye da limamin gari. Abu biyu kawai zai fayyace: ruwa zalla ba ya maye gurbin sabulu bayan an yi tsarki, kuma butar bayan gida daban, ta cin abinci daban, domin marikin butar salga shi ma yana ɗauke da ƙazanta. Kafin ranar darasin, ya kamata darakta ya sanar da kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar uwayen ɗalibai, don kada abin ya zo wa gidaje ba zato.

Inda abin ke lalacewa

Na farko shi ne sabulu: yara su ɗauke, ko akuya ta cinye, ko ya narke a ƙasa. Maganin da masu bincike a Bangaladesh suka gwada shi ne ruwan sabulu: gram 30 na garin omo a gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a huda murfin da ƙusa. Ba mai sha'awar sace shi, kuma yana wanke hannu da kyau. Inda ba ko wannan, toka mai tsabta daga murhu ta fi ruwa zalla a ganin ma'aikatan lafiya da yawa, amma a gaya wa yara madadi ce, ba ta kai sabulu ba.

Na biyu shi ne ruwa, musamman a Afrilu da Mayu lokacin da rijiyoyi ke ja baya. A nan galan mai rataye ke da amfani: galan na lita biyar da aka huda kusa da baki, aka rataye a sanda, ana karkato shi da igiya da ƙafa. Yana fitar da ruwa siriri, ƙasa ƙwarai da abin da buta ke zubarwa. A haƙa ɗan rami a ƙarƙashinsa a cika da tsakuwa, in ba haka ba taɓo zai kori yara cikin mako guda. Cika shi kuma a raba tsakanin maza da mata, kada ya zama wani sabon aikin 'yan mata.

Na uku shi ne mantuwa. A wasu makarantun firamare biyu na Bangaladesh, an shimfiɗa hanya mai launi da zanen sawun ƙafa daga bayan gida zuwa wurin wanke hannu, ba tare da wani darasi ba; masu wankewa da sabulu suka tashi daga kashi 4 zuwa 74 cikin mako shida, kamar yadda aka wallafa a 2016. Gwajin ƙarami ne, amma kwaikwayonsa ba tsada: jerin duwatsu da aka shafa wa farar ƙasa daga ƙofar salga zuwa galan ya wadatar.

Yadda za a gane ko ya kama

Kada malami ya tambaya "Wa ya wanke hannu jiya?" Hannu sittin zai gani a sama. Ya tambaya: "Wa ka zuba wa? Me ya ce?" Wanda ya yi zai kawo labari dalla-dalla, har da wanda ya ƙi, wanda bai yi ba zai maimaita maganar malam. Kada kuma a kunyata yaron da gidansu ba sabulu a gaban aji, a ji shi a gefe.

A makaranta kuwa galan ba ya ƙarya. A ja masa layi da safe a duba da rana. In ruwa bai sauka ba, ba wanda ya taɓa shi, komai daɗin waƙar da yara suka haddace. A maimaita aunawar bayan mako biyu, sannan bayan wata guda, a kuma ware minti biyar kullum kafin hutun cin abinci don wankin rukuni-rukuni. In bayan wata ruwan galan na ƙarewa kafin azahar, kuma uwaye sun fara ƙorafin cewa yara sun dame su da neman guntun sabulu, to lokaci ya yi da za a shiga darasi na biyu: hannun mai dama fura da na mai ba jariri abinci.