Mura ta tafi, ƙanshi bai dawo ba

Zazzaɓi ya sauka, hanci ya buɗe, amma miyar kuka da ta sha daddawa sai a ji ta salam. Mutane kan ce bakinsu ne ya mutu, alhali harshe lafiyarsa lau, yana gane gishiri da zaƙi da ɗaci da tsami. Abin da ya ɓace ƙanshi ne, kuma yawancin daɗin abinci ta hanci yake zuwa.

Lokacin da ake tsakiyar mura, kumburi da majina ne ke tare iska, ba ta kaiwa can saman kogon hanci inda jijiyoyin sansana suke. Wannan yakan wuce da kansa. Wanda ke daɗewa shi ne idan ƙwayar cutar ta taɓa wurin kansa. Korona ta fito da hakan fili a 2020, domin takan kama ƙwayoyin halittar da ke tallafa wa jijiyoyin, sai aikinsu ya tsaya ko da hanci a buɗe yake. Sa'ar da aka yi, jijiyoyin nan suna sake tohowa, sai dai a hankali. A kan hanyar warkewa wasu kan ji albasa ko soyayyen nama na warin ruɓa ko ƙauri. Abin na tayar da hankali, amma sau da yawa alama ce ta jijiyoyin sun fara farfaɗowa.

A 2009 Farfesa Thomas Hummel na birnin Dresden a Jamus ya gwada horar da hanci da ƙanshi huɗu: furen wardi, lemon tsami, kanumfari da yukaliftus, wato bishiyar turare. Ana zuba kowanne a 'yar kwalba mai murfi. Safe da yamma sai mutum ya buɗe ɗaya, ya shaƙa a hankali na kamar daƙiƙa 20 yana tuno yadda ya san ƙanshin a da, ya ɗan huta, sannan ya ɗauki na gaba. Wanda bai samu wardi ba, citta ko na'a-na'a ma sun yi. Inda ake faɗuwa shi ne gajen haƙuri: a yi mako biyu, a ce babu canji, a watsar. Ana buƙatar aƙalla wata uku, kuma ba kowa ke warkewa sarai ba. Don Allah kada a ɗura tafarnuwa ko wani haɗi a hanci, ƙara illa yake yi.

Idan an wuce mako shida babu sauƙi, a nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Kada a jira ko kaɗan idan ɓangare ɗaya ne ya toshe, ko ana yawan haɓo, ko gani ya canza, ko matsalar ta biyo bayan buguwa a kai. Kafin nan, a riƙa sa wani a gida yana duba tukunyar gas da abincin da ya kwana, tunda mai wannan lalura ba zai ji warinsu ba.