Yadda iyayen da ke ƙetare za su gano darasin Hausa

Uwa a Landan ko Jidda da ke son ɗanta ya koyi gaisuwa takan rubuta 'yan kalmomi a gurbin bincike na YouTube. Take, bayani da alamomin da malami ya liƙa wa darasinsa su ne za su kawo ta gare shi.

A ɗauki darasin gaisuwar safe. Taken `Darasi na ɗaya` bai faɗi komai ba. Wanda ya fi shi ne `Hausa for Kids, Beginner A1: Gaisuwar Safe`. Turancin yana da amfani domin da shi yaron ke karatu, A1 kuwa matakin farko ne a ma'aunin harsuna na Turai mai hawa shida.

A cikin bayani a faɗi shekarun da darasin ya dace da su, da karin harshen, na Kano ne ko na Damagaram. A alamomi a sa `ƙirga` da `kirga` duka, don yawancin wayoyi ba a saita musu haruffa masu lanƙwasa ba. Idan masu kallo na ficewa tun minti na farko, a duba ko matakin da aka rubuta ya yi daidai da abin da ke ciki.