Yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai tabbatar da sabon abokin ciniki

Kafin a ba sabon abokin ciniki kaya bashi, abu na farko shi ne a nemi cikakken sunan kamfaninsa da lambar rajistarsa. A Najeriya, Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ita ke yin wannan rajista, kuma tana da shafin intanet inda kowa zai iya rubuta suna ya ga ko an yi masa rajista. Lambar kamfani tana farawa da RC, ta sunan kasuwanci kuma da BN. Sai dai rajista ba ta nuna cewa mutumin da ya zo shi ne mai kamfanin, domin mayaudari kan ari sunan kamfani na gaskiya.

Saboda haka ake zuwa adireshin ba tare da an sanar ba. Misali, idan wani ya nemi buhu 50 na shinkafa, ya ce shagonsa yana kasuwar Singa a Kano, sai a je a ga shagon, a tambayi maƙwabta da shugabannin layin tun yaushe yake wurin.

Na uku shi ne asusun banki. Sunan da ke kan asusun ya dace da na rajista ko na mai shagon. Kada a saki kaya don hoton rasit ko saƙon waya, sai an ga kuɗin a asusu, domin ana ƙirƙirar saƙon bogi.

Ko da komai ya yi daidai, a fara da buhu 5, kuɗi hannu. Wanda ya ƙi yarda da haka, yana ta gaggawa, abin tuhuma ne.